Gyaran sanarwar kuɗin jinkiri don ta daina kama da horo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da makarantar nazare da firamare a Tudun Wada, nan Gombe, yara 240, kuɗin zango ₦35,000. Kowane zango iyaye kusan 60 ba sa biya sai an kai ruwa rana. Zangon da ya wuce na manna wannan a ƙofa: “SANARWA! Duk wanda bai biya kuɗin makaranta ba zuwa ranar Juma'a za a ci shi tarar ₦5,000, kuma za a kori ɗansa gida. Ba sani ba sabo. Hukumar makaranta.” Wasu sun biya tarar, amma iyaye sun fusata, wani ya ce kuɗin ruwa nake ci, mutum uku sun cire 'ya'yansu. Yaya zan sake rubuta ta, ta zama ƙa'ida ta adalci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Na daɗe ina riƙe da littafin kuɗi na makarantu masu zaman kansu, a Bauchi da nan Gombe, kuma da hannuna na taɓa rubuta takarda mai zafi irin taki, don haka ba daga nesa nake hango abin ba. Abin da zan fara gaya miki ba zai yi miki daɗi ba: rabin matsalar ba a kalmomin take ba. In kika bar tarar ₦5,000 da korar yara yadda suke, kika lulluɓe su da “muna roƙon iyayenmu masu daraja”, iyaye za su gane, kuma haushinsu zai ƙaru, domin yanzu an haɗa musu horo da rainin hankali. Sai an gyara ƙa'idar tukuna, sannan kalmomin su zo da sauƙi.

Ki ɗauko littafin zangon da ya wuce, ki zauna da sunayen nan 60, ki duba ranar da kowa ya biya. Ina da tabbacin za ki ga ba mutane iri ɗaya ba ne. Akwai ma'aikacin gwamnati ko na ƙaramar hukuma wanda ke biya duk zango, amma sai albashi ya shigo ƙarshen wata. Akwai manomi ko mai harkar hatsi a Tudun Hatsi, wanda a watan Satumba kuɗinsa na cikin gona, sai masara da wake sun zo gida. Akwai wanda da gaske babu, ko mai gida ya rasu, ko jinya ta cinye abin hannu. Sannan akwai wanda yake da shi, motarsa ma ta fi taki, amma ya gano cewa kuɗin makaranta ne bashin da za a iya jinkirtawa ba tare da wani abu ya faru ba. Sanarwarki ta zuba su duka a kwando ɗaya. Na ƙarshen nan kaɗai ya cancanci kuɗin jinkiri, kuma shi ne wanda ₦5,000 ba ta dame shi ba. Waɗanda ta ƙona su ne sauran.

Addini ma haka ya raba su, kuma iyayen da kike rubuta wa sun san wannan tun suna allo. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce wanda ke cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito kuma ya ce taurin bashin mai hali zalunci ne. Sanarwa mai adalci ita ce wadda mai karatu zai ga alamar cewa wadda ta rubuta ta san bambancin mutanen nan biyu. Taki ba ta nuna haka ba, shi ya sa ta yi kama da bulala.

To, maganar wanda ya ce kuɗin ruwa kike ci. Kada ki ɗauke ta a matsayin zagi kawai, domin yana da madogara. Da zarar kuɗin makaranta ya zama bashi a wuyan uba, duk ƙarin da aka ɗora saboda lokaci ya wuce ya shiga wurin da malamai ke tsoro. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta yanke cewa ba ya halatta a ɗora wa mai bashi ƙari saboda ya makara da biya, ko an gindaya sharaɗin tun farko ko ba a gindaya ba. Hanyar da bankunan Musulunci suka bi, kuma tana da asali a maganar wasu malaman Malikiyya, ita ce mai bashi ya ɗauki alkawari tun farko cewa in ya yi jinkiri ba tare da uzuri ba zai ba da wani adadi sadaka, kuɗin kuma ba ya shiga ribar mai bin bashin. Ni ba mai fatawa ba ne, kuma malamai ba su haɗu a kan wannan ba, saboda haka ki kai takardar wurin malamin da iyayen makarantarki suka yarda da shi kafin ki buga ta. Amma ta fuskar aikina, wannan hanya tana warware miki abu biyu a lokaci guda. In kuɗin jinkiri ba aljihun makaranta yake shiga ba, in asusu ne na daban da ake biya wa marayun makarantar kuɗin littafi ko na zango da shi, kuma ana karanta lissafinsa a taron iyaye da malamai, to bakin mai cewa “neman kuɗi take da mu” ya mutu. Sai dai ki tambayi malamin har da wannan: ko ya halatta asusun ya biya kuɗin zangon maraya a makarantarki, tunda ta bayan gida kuɗin ya dawo miki ke nan. Wasu za su ce a tsaya a littattafai da kayan makaranta, ko a kai wani wuri dabam.

Sai adadin. ₦5,000 a kan ₦35,000 kashi ɗaya ne cikin bakwai, a kan jinkirin da zai iya zama na kwana uku. Ki kuma duba uban da ya biya ₦32,000, saura ₦3,000: a ƙa'idarki tararsa ta fi bashinsa. Wanda ke da yara huɗu a wurinki kuma ₦20,000 za ta hau kansa, alhali shi ne ya fi kowa kawo miki kuɗi. Babu kalmar da za ta sa wannan ya yi kama da adalci. Tambayar da kowane uba ke yi a ransa ita ce, daga ina aka samo wannan lambar? In ba ki da amsa, tara ce. A dokar kwangila da kotunan Najeriya suka gada daga Ingila ma, ana bambanta adadin da aka sa a matsayin kimanta asara ta gaskiya da wanda aka sa don tsoratarwa, kuma na biyun kotu ba ta cika tilasta biyansa ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ita ma ta hana sharuɗɗan da suka wuce gona da iri, ta kuma buƙaci a rubuta wa mutane sanarwa da harshen da za su fahimta. Ba ina cewa wani zai kai ki kotu a kan ₦5,000 ba. Ina nuna miki ne cewa ma'aunin da alƙali zai yi amfani da shi, shi ne wanda uban yaro ke amfani da shi a bakin ƙofa.

Saboda haka ki yi lissafin abin da bin mutum ɗaya yake ci miki. Saƙon tes uku, kiran waya biyu ko uku, takardar tuni da aka buga, kuɗin Keke in sai an aika masinja gida, da awa ɗaya ko biyu na lokacin akawunki. In kika tara, zai yi wuya ya wuce ₦1,000. Wannan ce lambarki. Ko da kuɗin asusun marayu zai tafi, lambar da za ki iya bayyana asalinta ita ce mutane ke karɓa. A sa ta sau ɗaya a zango, a kan gida ba a kan kowane yaro ba, tunda uba ɗaya kike kira ko 'ya'yansa nawa ne. Kuma kada ta riƙa hawa duk mako. Na ga makarantun da ke rubuta “₦500 kowane mako”. Daga ranar da kuɗi ya fara girma da tafiyar lokaci, ko wanda bai yi karatu ba ya san sunansa.

Za ki ce ₦1,000 ba za ta tsorata kowa ba. Gaskiya ne, kuma akwai abin da ya fi haka. Wasu masana tattalin arziki biyu, Gneezy da Rustichini, sun wallafa wani bincike a shekarar 2000 a kan gidajen renon yara goma a birnin Haifa na Isra'ila. A shida daga ciki aka sa ƙaramar tara ga iyayen da ke makara wajen ɗaukar 'ya'yansu. Maimakon makara ta ragu, sai ta ƙaru, kuma da aka janye tarar ba ta koma yadda take ba. Dalilin da suka bayar shi ne iyaye sun daina jin kunyar tsayar da mai reno, sun ɗauki tarar a matsayin farashin makara. Batunsu ɗaukar yara ne, ba kuɗin zango ba, amma na ga irinsa da idona: ɗan kasuwa zai lissafa cewa juya ₦35,000 na wata biyu ya fi masa ₦1,000, ya biya kuɗin jinkirin yana murmushi. Maganin wannan ba ƙara adadin ba ne. Magani shi ne sanarwar ta faɗi dalilin wa'adin, don kunyar nan ta tsayar da albashin malamin ɗanka ta zauna daram, sannan ta faɗi inda jinkiri yake ƙarewa: wanda bai kammala ba kuma bai zo an yi magana ba, ba za a sabunta rajistar ɗansa a zango mai zuwa ba. Wannan haƙƙinki ne, kuma ya fi korar yaro a tsakiyar zango nauyi a wurin mai taurin bashi.

Bari in tsaya a kan korar nan, domin ita ce ta fitar miki da mutum uku, ba ₦5,000 ba. A wata makaranta da na yi aiki, mun taɓa tsayar da mai gadi da takardar sunaye a ƙofa. Ina tsaye ta taga na ga wata yarinya 'yar aji uku, da kwandon abincinta a hannu, an karanta sunanta an ce ta koma. Ba ta yi kuka ba. Ta matsa gefen katanga ta tsaya, tana kallon ƙawayenta suna shiga, domin mai Keken da ya kawo ta ya riga ya tafi. Kafin azahar ubanta ya zo, kafinta ne, da ƙurar katako a gashin girarsa. Ya zaro kuɗin daga aljihu ya ƙirga a kan teburina har da tarar, bai ce uffan ba, ya karɓi rasit, sannan ya ce in ba shi takardar canjin makaranta ta 'ya'yansa uku. Mun karɓi kuɗin zango ɗaya, mun yi asarar na shekaru. Bashin na uba ne. Duk jimlar da ta taɓa yaro, ki cire ta daga takardar, kuma ki rubuta a fili cewa ba za a taɓa shi ba, domin wannan layin kaɗai yana sauke rabin fushin mai karatu.

Wa'adin ma a gyara shi. “Zuwa ranar Juma'a” wace Juma'a? Wanda ya ga takardar ranar Laraba kwana biyu kika ba shi. A rubuta rana da kwanan wata, kuma a zaɓi ranar da ta faɗo bayan albashi, wato cikin makon farko na wata, ba 20 ga wata ba lokacin da aljihun ma'aikaci ya bushe. Ki duba lissafinki: a ce kowane ɗaya cikin iyayen nan 60 yaro ɗaya gare shi, yara 180 da ake biya wa a kan lokaci sun kawo ₦6,300,000, wanda ya isa ya riƙe ki watan farko. Abin da ke makara ₦2,100,000 ne, kuma ciwonsa a wata na uku da na huɗu yake fitowa, lokacin hutu da albashi ke tafiya kuɗi ba ya shigowa. Ashe ba ki da buƙatar matsa wa kowa a mako na biyu. Da wannan gyaran kaɗai, ina sa ran kaso mai yawa na mutum 60 ɗin nan za su fita daga jerin masu jinkiri ba tare da kin karɓi ko sisi ba.

Ga yadda zan rubuta ta, a ce don zango na biyu ne:

“Zuwa ga iyayen yara,

Assalamu alaikum. Muna godiya da amanar 'ya'yanku da kuka ba mu. Wannan takarda bayani ce a kan tsarin biyan kuɗin makaranta, wanda zai fara aiki daga zango na biyu.

Kuɗin zango ₦35,000 ne, bai canza ba. Da shi ake biyan albashin malamai duk ƙarshen wata, har da watannin hutu, shi ya sa makaranta ke buƙatar sanin lokacin da zai shigo.

Ranar kammala biya ita ce Alhamis, 5 ga Fabrairu. Ana iya biya gaba ɗaya ko kashi biyu. Za mu aiko da saƙon tuni mako ɗaya kafin ranar.

Wanda ya ga ba zai samu kammalawa ba, ya zo ofis ko ya kira shugabar makaranta kafin ranar, a tsara masa lokacin da zai iya. Maganar za ta tsaya tsakaninsa da ita, kuma babu kuɗin jinkiri a kan wanda aka yi wannan tsari da shi.

Idan Alhamis, 12 ga Fabrairu ta wuce ba a kammala ba kuma ba a yi magana da ofis ba, akwai kuɗin jinkiri ₦1,000 a kan kowane gida, sau ɗaya a zango, ba ya ƙaruwa. Wannan kuɗi ba ya shiga asusun makaranta. Yana tafiya asusun tallafa wa marayu, kuma za a karanta lissafinsa a taron iyaye da malamai.

Ba za a mayar da yaro gida ko a kira sunansa a gaban 'yan'uwansa saboda kuɗi ba. Sai dai ba za a sabunta rajistar zango na gaba ba sai an kammala na baya ko an yi tsarin biya.

Wannan tsari ya shafi kowa, har da 'ya'yan malamai da na dangin masu makaranta. Wanda ya ga an yi kuskure a lissafinsa ya zo da rasit a gyara.

Na gode.”

Sai sunanki da sa hannunki da lambar ofis a ƙasa.

Ki lura da inda kuɗin jinkirin ya faɗo: sakin layi na biyar. Mai karatu ya riga ya ji dalili, ya ga rana, an nuna masa ƙofar fita, sannan ya iso wurin ₦1,000. Lokacin da ya iso, ya san cewa ba za ta same shi ba sai in shi ya zaɓi yin shiru. A tsohuwar takardar, tara ce ta fara yi masa sallama. Jerin nan shi ne mafi girman abin da kalmomi ke iya yi miki, ya fi duk wata kalmar girmamawa da za ki zuba.

Sai “duk wanda”. A Hausa, jimlar da ta fara da “duk wanda bai yi kaza ba” muryar mai shela ce ko ta alƙali, kuma tana sa wanda ya biya tun ranar farko ma ya ji ana nuna shi da yatsa. Ki tuna iyayen yara 180 daga cikin masu karanta takardar ba su yi miki laifin komai ba. Shi ya sa na juya ta zuwa “idan rana kaza ta wuce ba a kammala ba”: sharaɗin ya koma kan rana da kuɗi, ya sauka daga kan mutum. Haka “za a ci shi tara”. Cin tara aikin kotu ne da hukuma, ana yi wa mai laifi. “Akwai kuɗin jinkiri” bayani ne kawai na abin da ke nan. Amma kada ki zarce ki sa masa sunan ƙarya. Na ga inda aka kira shi “gudummawar ci gaban makaranta”. Gudummawa da son rai ake ba da ita. In dole ce, mutane za su ji an yi musu wayo, kuma wanda ya ji an yi masa wayo ya fi wanda aka ci tara riƙo.

“Ba sani ba sabo” kuwa, niyyarki a nan mai kyau ce, so kike ki ce kowa daidai yake. Amma kalmar ta rufe ƙofar uzuri, ta kuma yi kama da wadda aka ɓata wa rai. Na ajiye ma'anar na canza hanyar: na ambaci waɗanda kowa ke zargin za a ɗaga wa ƙafa, wato 'ya'yan malamai da dangi. Sai dai in kin rubuta wannan layin, ki cika shi. Gombe ba ta da girman da za a yafe wa ɗan wani babba a asirce maganar ba ta zaga ba, kuma ranar da ta zaga, takardar ta zama abin dariya. In kin san ba za ki iya karɓar ₦1,000 daga hannun ƙanin mai gidanki ba, ki biya masa daga jakarki a rubuta rasit.

“Hukumar makaranta” ma ki sauke ta. Kowa ya san ke ce. Mutum yana iya zuwa wurin Hajiya ya ce wallahi wannan watan an samu matsala. Ba ya iya zuwa wurin hukuma. Kuma ki bar manyan baƙaƙe da alamar motsin rai, a takarda ihu ne. In za ki fitar da ita da Turanci ma, a tabbata lambobi da ranaku ɗaya ne a duka biyun, kuma kada ta Turancin ta yi laushi ta Hausar ta yi kaushi, domin iyaye suna kwatantawa.

Akwai abin da na bari da gangan, ranaku biyu, 5 da 12 ga wata. Ki sani tun yanzu cewa mutane da yawa za su ɗauki ta biyun a matsayin wa'adi na gaskiya. Ba laifi, muddin kin zaɓe ta da sanin haka. Amfanin makon nan shi ne ya kare wanda albashinsa ya yi jinkirin kwana uku, ko wanda ya tura kuɗi ta waya suka maƙale a hanya. A kan wannan na biyun, ki riƙa lissafi da ranar da ke kan shaidar turawa, ba ranar da kuɗin ya faɗo asusunki ba.

Ƙofar uzurin nan ita ce za ta fi ba ki aiki, kuma a nan tsarin ke lalacewa in ba a kula ba. Kada ya zama magana ta baka a tsaye a bakin ofis. Ki tanadi ƙaramin littafi: sunan uba, abin da ya rage, ranakun da ya ce zai kawo, sa hannunsa. Misali wanda ake bi ₦20,000 ya ce ₦10,000 ƙarshen Fabrairu, ₦10,000 ƙarshen Maris. Kada ki tambaye shi hujjar talauci, zuwan da ya yi ya isa; namiji ba ya tako ƙafa ya ce ba ni da shi don nishaɗi. In ya saɓa ranar farko ba tare da ya kira ba, sai kuɗin jinkiri ya hau, kuma ki gaya masa haka tun ranar da yake sa hannu. Littafin nan a hannunki zai zauna ko na mutum ɗaya da kika amince da shi. In malaman aji suka san wanda ya zo neman sassauci, zango mai zuwa ba wanda zai zo.

Wasu za su ba ki shawarar ki juya abin ya zama rangwame: a ce kuɗin zango ₦36,000 ne, wanda ya biya da wuri ya ba da ₦35,000. A lissafi abu ɗaya ne, a kunne ya fi daɗi, kuma yana aiki in an yi shi a lokacin da dama za a sake farashi a farkon shekarar karatu. Amma a wurinki yanzu, bayan rigimar da aka yi, kowa zai gane tarar ce ta sake riga. Ta ɓangaren shari'a ma yana da tasa maganar da sai an tambaya. Ni dai ba zan fara da shi ba.

Kada takardar ta fara bayyana a jikin ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya: ki kai ta taron iyaye da malamai kafin a tafi hutu, ki karanta, ki bari a yi gardama a kan ranar da adadin. In suka ce 7 ga wata ta fi 5, ki ba su. Ƙa'idar da mutum ya sa baki a cikinta ba ya kiranta zalunci. Bayan nan a sa ta cikin ambulan tare da sakamakon jarrabawa, kowane gida ya samu tasa, a kuma sa ta cikin takardun ɗaukar sababbin yara don uba ya sa hannu tun ranar farko. Kuma ba ta aiki a kan bashin da ya gabace ta.

Saƙon da za a tura wa wanda ya makara shi ma ya bi wannan muryar, kuma shi kaɗai za a tura wa, ba zauren iyaye na waya ba: “Assalamu alaikum Alhaji. Littafinmu ya nuna saura ₦15,000 na zango na biyu. In an riga an biya, a taimaka a turo mana rasit mu gyara. In ana buƙatar ƙarin lokaci, a kira ni kafin Alhamis 12 ga wata.” Cewa “littafinmu ya nuna” yana bar miki hanyar janyewa in kuskuren naku ne, kuma yakan zama naku fiye da yadda kike zato, musamman in wani ya tura kuɗi da sunan da ba na yaron ba.

Za ki gane ko ta yi aiki da lambobi uku a ƙarshen zango: gida nawa suka kammala kafin 12 ga wata, nawa suka zo aka yi tsari, nawa suka biya ₦1,000. In na tsakiyar ya yi yawa, alama ce mai kyau, mutane sun yarda da ƙofar. In babu wanda ya zo neman tsari amma masu jinkiri na nan, to ba su yarda asirinsu zai rufu ba, ki duba wanda ke zaune a ofis. In kuma asusun marayu na ƙara kumbura zango bayan zango da sunaye iri ɗaya, abin Haifa ne ya same ki, sun mayar da shi farashi; waɗannan sai zama ido da ido da maganar rajistar zango na gaba.

Saura waɗanda suka riga suka biya ₦5,000. Shawarata ki mayar musu, ko ki cire musu daga kuɗin zango mai zuwa, a rubuta a rasit ɗin kowa, ki kuma faɗa da bakinki a taron cewa tsarin farko ya yi tsauri an gyara. In mutum ashirin ne, ₦100,000 ke nan, bai kai kuɗin zango ɗaya na yara uku ba. Iyayen nan uku da suka tafi kuma, kada ki aika musu takarda. Ki sa mayafinki ki je gidajensu bayan la'asar, ki gaisa, ki tambayi lafiyar yaran, ki ce kin zo ne ki ba da haƙuri a kan abin da ya faru a ƙofa, ba tare da kin ɗauko zancen dawowa ba.